Dariyata a Bidiyon Maganin Wake

Tun ɗana na fari yana rarrafe nake ɗauke da wata damuwa da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ina tsoron ya girma bai san ni na haife shi ba. Wanda bai tashi a irin gidajenmu ba zai ce wannan wane irin tsoro ne. A Beli, inda aka haife ni, mace ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya faɗi ba ita ke fara tashi ba. Da aka kawo ni gidan miji, wani ƙauye a gefen Yammedi, sai na tarar tasu kunyar ta fi tamu. Ana yaye shi, surukata, wadda duk gidan ke kira Inna, ta kwashe 'yan kayansa zuwa ɗakinta. A can yake kwana, a kwanonta yake ci. Tana kiransa maigidana, shi kuma ya ce ai ya sake ta tunda ba ta da haƙori. Ni kuwa Anti yake ce mini, kamar yadda ya ji ƙanwar babansa tana kirana.

Abin da nake iya yi kaɗan ne. In na soya ƙuli-ƙuli sai in ajiye masa a kan turmi a bayan madafi, in juya baya kamar ina neman wani abu. Ina jin takunsa, ina jin ya ɗauka, ya ɗan tsaya, sannan ya ruga. Wannan 'yar tsayuwar tasa nake ta juyawa a raina. Ko ya gane? Ko a zatonsa turmin ne ke haifar ƙuli? Nakan ce bari ya ƙara wayo, wata rana in muna mu biyu zan gaya masa da bakina.

Allah bai nufa ba. A shekarar da muka sami wake sosai, rumbunmu ya zube da damina, sai maigidan ya jera buhunan a wani ƙaramin ɗaki da ke manne da na Inna. Rufin kwano ɗaya ne ya haɗa ɗakunan, bangon tsakiya kuma bai kai sama ba. Ranar kasuwa ya sayo ƙwayar nan da ake jefawa cikin buhu don kashe ƙwaron wake. A ƙullin leda aka ba shi, babu takarda, babu gargaɗi. Mai sayarwar ya ce ya saka ya ɗaure bakin buhu, shi ke nan. Ba wanda ya gaya masa cewa ƙwayar iska take zama, kuma buhu ba ya riƙe iska.

Da safe Inna ta fito tana dafa bango tana amai. Ɗakin yana wani wari kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Yaron yana kwance a katifarsa ta jikin bango, numfashinsa na fita da ƙyar. Wani maƙwabci ya tuƙa babur, baban yaron ya rungume shi a tsakiya. Na tsaya a bakin zaure da jaririyata a baya har ƙarar babur ɗin ta ɓace. Ba su kai Karaye da shi ba.

A zaman makoki Inna ake yi wa gaisuwa. “Inna, ya haƙuri? Allah Ya sa mai ceto ne.” Ni ina kawo ruwa ina kwashe kwanuka. Kukana a banɗaki na yi shi, ina tsiyayar da ruwan buta a ƙasa don kada a ji.

Ƙanwar mijina ta yi karatu a Kano, tana aiki da wata ƙungiyar manoma mai ofis a Karaye. Duk abin da ƙungiyar za ta fitar a waya ta hannunta yake bi. Ni da ita wasa muke tun ranar da aka kawo ni. Ina ce mata 'yar boko, tana ce mini Anti matsoraciya, wai ko kaza ta yi tari sai na ce annoba ce. Bayan an kwana biyu da rasuwar ta zo wa yayanta da magana. Ƙungiyarsu za ta sa a yi dogon rubutu a kan wannan ƙwaya, domin ba mu kaɗai abin ya taɓa ba, kuma akwai buhu mai leda a ciki da ke kashe ƙwaro ba tare da magani ba, mutane ba su san shi ba. Maigidan ya ce in dai zai hana wani ya ga abin da ya gani, a zo. Inna ta yarda. Ni na gyaɗa kai.

Wata 'yar jarida ce ta zo, mace mai sanyin murya, ta wuni a gidanmu. Ta kafa wayarta a kwance a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku, ta zaunar da ni da Inna a tabarma ɗaya, kafaɗata na gogar ta Inna. Ta ce za a yi rubutu, kuma za a ciro wasu ƙananan abubuwa daga cikinsa don waya. Na ce to. Ban san mene ne ƙananan abubuwa ba, ban kuma tambaya ba.

Tana cikin tambayoyi sai ta dube ni ta ce, “Wane irin yaro ne ɗanki?”

Ɗanki. A gaban Inna. Ban taɓa jin wani ya haɗa ni da shi da wannan kalmar a gaban surukata ba. Kunya ta rufe ni tun daga ƙafa. Na ja hijabi na rufe baki, dariya ta kuɓuce mini, irin wadda mace ke yi in an ambaci mijinta a gaban babanta. Na ce, “Ni ina na sani? A tambayi masu shi.”

Inna ta karɓa. Ta fara ba da labarinsa, kuka ya ci ƙarfinta, tana yi tana tari, domin har lokacin ƙirjinta bai saki ba.

Da Inna ta shiga sallar la'asar, 'yar jaridar ta biyo ni madafi. Ba waya a hannunta. Ta tsuguna tana taya ni tsinar shinkafa, ba ta tambaye ni komai ba. Ban san yadda aka yi ba, sai na ji ina gaya mata zancen turmi da ƙuli, da tsayuwar da yake yi, da abin da na so in gaya masa. Na yi kuka har na jiƙa shinkafar. Da za ta tafi ta ce, “In rubuta wannan?” Na ce ta rubuta, ai Inna ba ta karatun boko.

Wata Asabar ƙanwar mijina ta dawo da kwamfutarta, ta shimfiɗa tabarma a inuwa inda nake ɓarar gyaɗa, ta ce rubutu ya fito a shafin ƙungiya. Ta karanta mini shi tun hantsi har rana ta kusa tsakiya, muna yi muna tsayawa. Komai na ciki. Rumbun da ya zube, ƙullin ledar, bangon da bai kai sama ba, bayanin likita, bayanin malamin gona. Akwai maganar maigidan inda ya ce da hannunsa ya saka ƙwayar. Sannan matar nan ta ɗauki wuri mai tsawo ta bayyana dariyata. Ta faɗi yadda ake kunyar ɗan fari a wajenmu, ta ce wadda ke zaune a gefena uwar mijina ce, ta kawo zancen turmi kamar yadda na faɗa mata, ba ta ƙara gishiri ba. Ranar na ji kamar an yi wa yaron nan wata sutura. A karon farko an rubuta a wani wuri cewa nawa ne.

Ƙanwar mijina ta share hawaye ta ce, “To, yanzu nawa aikin ya fara.”

Na ce, “Wane aiki kuma, 'yar boko? Ba an gama ba?”

“Anti, wa zai zauna ya karanta wannan? Manomin da ke tsaye a bakin kasuwa? Sai an gutsuttsura masa. Kamar gyaɗarki ce, daga tiya ɗaya ki fitar da mai, ki yi ƙuli, ki rage na miya.”

“Ni dai ba na zubar da komai.”

“Ni ma ba zubarwa zan yi ba, matsoraciya. Dogon yana nan, duk mai so ya je ya karanta.”

Na matsa kusa ina kallo. Karatuna a firamare ya tsaya, amma ina bin Hausa a hankali, kuma ido ba ya buƙatar makaranta. Ta riƙa bin rubutun tana shafa wa layuka launi. Rawaya na wasiƙar wata-wata ne, wadda suke aika wa malaman gona da shugabannin manoma da masu tallafa wa ƙungiya ta imel. Kore na gajerun saƙonni ne da za a riƙa sakawa a shafi da gurup-gurup. Shuɗi na bidiyo. Abin da bai sami launi ba ya zauna fari.

Da wasiƙar ta fara. Ta rage labarinmu ya koma 'yan sakin layi, ta sa hoton buhunan, ta jera abin da malamin gona ya ce a yi, a ƙarshe ta sa wani layi da ake dannawa a je ga cikakken rubutun. Ta fi daɗewa a kan kanun wasiƙar fiye da cikinta. Ta ce in kanun bai ja mutum ba, ba zai ma buɗe ba. Na tambaye ta ko mutane na danna layin ƙarshen. Ta taɓe baki ta ce, “Kaɗan.”

Gajerun saƙonnin kuwa kowanne magana ɗaya yake ɗauka. Ɗaya ya ce kada a ajiye buhun da aka sa wa ƙwaya a ƙarƙashin rufi ɗaya da inda mutane ke kwana. Ɗaya ya ce kada a sayi maganin da ba shi da takarda. Wani ya faɗi alamomi, wari da amai da sarƙewar numfashi, a fitar da mutum iska a garzaya asibiti. Wani na buhu mai leda. Ta ce kullum za a saki ɗaya, kuma za ta karanta kowanne da murya don waɗanda ba sa karatu. A cikinsu ɗana ya zama “wani yaro a ƙaramar hukumar Karaye”. Ban ji haushi ba. Na ga amfaninsu, ko ni da na ji irinsu a baya da na hana.

Na lura maganar maigidan ta zauna fari. Na nuna da yatsa. Ta ce, “Wannan kam a'a. In na saki ‘da hannuna na saka’ shi kaɗai, mutane za su cinye mini Yaya da baki. A dogon akwai abin da ya kare shi, a gajere babu.” Na ce ta yi daidai. Mutumin da tun ranar bai ƙara cin wake ba.

Zancen turmi ma fari ya zauna. Wannan ban nuna ba, ita ce ta ga inda idona yake. Ta ce a wasiƙar ma'aikata ba shi da wuri, a bidiyo kuma sai abin da waya ta ɗauka, ai a madafi ba a ɗauki komai ba. Ta ce, “Ko za ki sake faɗa in ɗauka?” Na ce ta rufa mini asiri.

Rubutun bidiyon shi ya ci mata yamma. Ta raba shafi biyu, hagu abin da za a gani, dama abin da za a ji, a gefe tana sa daƙiƙoƙi. Da farko za a ga ƙwayar a tafin hannu da rubutu a kanta, domin ta ce in ba ka kama mutum a numfashin farko ba ya wuce. Sai tambayar 'yar jarida da amsata. Sai murya ta ce a al'adarmu uwa ba ta maganar ɗan fari a gaban surukarta. Sai Inna. Sai malamin gona da buhu mai leda. Ta karanta da ƙarfi tana duba agogon waya, ya haura minti biyu. Ta ce shugabansu minti ɗaya ya ce, domin dogon bidiyo yana cin data, ba a kallonsa har ƙarshe, kuma ba ya tafiya a sitatus.

Ta fara yanka. Malamin gona ba ya taɓuwa, don shi aka yi abin. Ta saurari wurin Inna sau da yawa, kuka da tari sun cinye kalmomin, ta ce ko an sa rubutu a ƙasa sai ya ja lokaci. Ta cire. Saura kaɗan ya shiga minti ɗaya. Ta sa yatsa a kan layin muryar nan ta ce, “Anti, wannan fa? Sai an gaya wa Bahaushe mece ce kunyar ɗan fari?”

Na ce, “Wa bai san wannan ba?”

“Shi ne na gani. Wallahi duk wanda ya ga yadda kika ja hijabin nan sai ya yi hawaye. Ni nan ne ya fi karya mini zuciya.”

Ta goge layin. Mu biyu muka ga daidai ne, domin a gida ɗaya muke, kuma a hoton da muke kallo ga Inna nan zaune a gefena, kowa ya ganta ya san suruka ce.

Abin da ban gani ba a ofis aka yi shi. An ɗauki bidiyon a kwance, su kuma a tsaye suke so ya cika fuskar waya. In za a mayar da na kwance tsaye sai an datse gefe da gefe, a bar mai magana a tsakiya. Ni ce mai magana. Aka datse Inna, ko bakin mayafinta bai rage ba.

Makon farko alheri muka ji. Maigidan ya dawo daga kasuwa ya ce ya ga mutane sun taru suna tambayar buhu mai leda. Wata mata daga Rogo ta aiko wa ƙungiya saƙon murya tana kuka, ta ce a ranar ta sa aka fitar da buhuna daga ɗakin 'ya'yanta. Ƙanwar mijina ta kunna mini, na ce alhamdu lillahi. Ni ba ni da babbar waya, ban ga bidiyon da aka gama ba, ban kuma nema ba.

A Beli na gan shi. Na je sunan 'yar yayata da muke uba ɗaya, muna zaune a ɗaki cike da mata, sai na ga wasu 'yan mata baƙi daga Kano suna kallona suna kallon waya. Ɗaya ta kasa haƙuri ta ce, “Don Allah baiwar Allah, ba ke ce mai dariyar nan ba?”

Na ce wace dariya. Ta miƙo mini.

Ba ma bidiyon ƙungiya ba ne. Wani ne, Allah kaɗai Ya san ko waye, ya yanko wurina kawai. Babu ƙwaya, babu malamin gona. Murya ta ce, “Wane irin yaro ne ɗanki?” Sai ga mace ita kaɗai a tabarma, ta rufe baki tana dariya, ta ce ita ina ta sani. A sama an rubuta da manyan baƙaƙe cewa ɗanta ne ya mutu, a dubi iyayen zamani. Yana ƙarewa ya sake farawa. Na kalli matar nan tana dariya tana sakewa, ni kaina na ji na tsane ta.

Yarinyar ta ce, “Kin ga abin da ake cewa kuwa?” Kafin a hana ta ta fara karantawa. Wani ya ce wannan ba uwa ba ce. Wata ta ce a bincika, ƙila ita ta ba shi. Wata ta ce ita shekara da shekaru tana neman haihuwa, ga wadda aka ba tana wasa da ita. Akwai wanda ya ce ƙila kunyar ɗan fari ce, aka taso masa, wai kunyar wa, ita da wa ke wurin?

Yayata ta fizge wayar ta ce, “Ku tashi ku ba mu wuri, marasa tarbiyya! A gidanku ba a koya muku kunya ba?” Mahaifiyata tana bakin ƙofa, ta ji komai. Ni ce 'yar farinta. Ba ta ce mini komai ba, ba ta iya ba. Ta dube ni sau ɗaya ta fita, can na ji tana faɗa da yara a kan ruwan da ba su zubar ba.

Ban tsaya cin abincin suna ba. A kan babur har gida ina riƙe da 'yata, ina jin kamar duk wanda muka wuce ya san fuskata.

Na tarar ƙanwar mijina ta riga ni isowa, a tsakiyar mako, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta riga ta gani. Tana ganina ta durƙusa ta kama ƙafata.

“Anti, ki yafe mini. Wallahi ban ga an datse Inna ba sai da ya fita. A'a, na gani, ƙarya nake, na gani, amma idona ya saba, ni ina ganinta a wurin ko ba ta.”

Na ce, “Tashi. Goge shi kawai.”

“Mun goge namu tun jiya. Amma wannan ba a hannunmu yake ba. Yana cikin wayoyin mutane, kowa na tura wa wani.”

“To ku bi su ku goge.”

Sai a lokacin na gane abin da take nufi. Na zauna a ƙasa.

Inna ta fito ta ce me ake yi wa kuka. Aka rasa mai gaya mata, sai ta ce a ba ta ta gani. Ta riƙe wayar nesa da ido ta kalla har ya maimaita. Ta ce, “Ina ni?”

Ƙanwar mijina ta ce, “An yanke ki, Inna, don ya shiga waya.”

“Aka yanke ni aka bar yarinya ita kaɗai a bainar jama'a? Ke da na haifa? To don wa ta yi dariyar in ba don ni ba?” Ta juyo gare ni. Tunda nake da ita ba ta taɓa yi mini maganar yaron a matsayin nawa ba. Ta ce, “Na san kina ajiye masa ƙuli. Yakan kawo mini rabi.”

Ban iya tsayawa ba. Na shige ɗaki na danne fuskata da filo.

Ƙungiyar ba ta yi watsi da mu ba, gaskiya ɗaya ce. Shugabansu ya zo har zaure ya ba maigidan haƙuri. 'Yar jaridar ta kira ta ce da an nuna mata kafin a saki da ta hana, ta ce daga yanzu duk abin da za a ciro daga rubutu sai an nuna wa masu labarin yadda ya fito a ƙarshe. Suka ce a yi wani bidiyon na gyara. Ƙanwar mijina ta sake raba shafi biyu, wannan karon ta ce ko zai kai minti nawa ba ta cire komai. Ta zaunar da ni da Inna, ta ja baya sosai don mu shiga mu biyu a tsaye. Ta ce, “Anti, ki faɗi abin da ke ranki kawai.”

Inna ta ce, “Faɗi, na yafe miki kunyar.”

Na buɗe baki. Na ji kafaɗar Inna a jikin tawa. Hannuna da kansa ya kai ga hijabi, kuma wallahi dariyar nan ta sake zuwa, hawaye na zuba tana zuwa. Ƙanwar mijina ta sauke wayar ta juya baya. Abin da aka shuka a jikin mutum tun yana yarinya ba ya fita don an ce ya fita.

A ƙarshe Inna ce ta yi magana ni ina sunkuye. Ta ce ita ce uwar mijin, ita ce aka yanke, ta ce wannan yarinya ta fi kowa son yaron nan kuma ba ta taɓa ɗaga ido ta nuna ba saboda girman surukarta da take gani. Ta yi magana mai kyau, ba ta yi tari ba ko sau ɗaya. Aka saki bidiyon tare da layin da ake dannawa a je ga dogon rubutu. Na tambayi ƙanwar mijina bayan kwanaki ko ya tafi. Ta ce 'yan ƙungiya sun gani, sun yi addu'a. Na ce ya kai inda wancan ya kai? Ta girgiza kai.

Yanzu ba ta ce mini matsoraciya. Na fi son ta ce. Tana shigowa ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta wuce ɗakin Inna da kwamfutarta. Maigidan ya so ya fito ya ce shi ya saka ƙwayar, a bar matarsa, na roƙe shi kada ya yi, domin na ga abin da ake yi da magana in ta fita ita kaɗai. Na daina zuwa biki da suna. Ranar awon yara nakan rufe fuska har hanci. Abin yakan lafa, sai kaka ta zo a fara zancen ajiyar wake, wani ya tono shi ya sake turawa. 'Yata ta fara tafiya, tana son taɓa waya, duk wanda ya shigo sai ta miƙa hannu. Wata rana za ta iya karatu. Ban san wanne za ta fara cin karo da shi ba, dogon ko guntun.

Saƙonnin ƙungiya na gaskiya ne, ku bi su. Kada ku kwana rufi ɗaya da buhun da aka sa wa ƙwaya. Amma in guntun nan ya shigo wayarka, na wata mata a tabarma da ta ja hijabi tana dariya, don Allah kada ka tura wa kowa. Ka goge shi, ka gaya wa wanda ya turo maka cewa surukarta na zaune a gefenta, yankewa aka yi. In kana da hali ka nemi dogon rubutun ka karanta har ƙarshe, ko ka sa a karanta maka. Sannan ka yi wa ɗana addu'a.